Gangariya ko Jabu: Abin da Mai Sayar da Kayan Kwalliya Ya Kamata Ta Nuna Miki

Duk mai bibiyar masu sayar da kayan kwalliya a WhatsApp, Instagram ko TikTok ta saba ganin irin hoton nan: kwalba biyu a jere, ɗaya an yi mata alamar kore, ɗaya an ja mata jan layi, a ƙasa an rubuta, "Hajiya ki lura, wannan shi ne orijinal, wancan kwafi ne." Wani lokaci bidiyo ne na daƙiƙa talatin, ana juya kwali ana nuna wani abu da ɗan yatsa, kiɗa na tashi, kafin ido ya kama abin da ake nunawa an wuce. A ƙarshe sai lambar waya.

Irin wannan talla ta yawaita ne saboda matsalar gaskiya ce. Turaren Dubai da ya yi suna, man shafawa na kamfanonin Turai, ruwan gyaran fuska, hoda da jambaki, da wuya a samu wanda kasuwarsa ta buɗe ba a yi masa jabu ba. Mai saye tana tsoron asarar kuɗinta da lalacewar fatarta, mai sayarwa ta gaskiya kuma tana ganin wata na karya farashi da kayan da ita ta san ba na kamfani ba ne. To amma ba kowane hoton kore da ja ne ke ilimantarwa ba. Akwai wanda idan kika gama kallonsa za ki iya shiga kowane shago ki duba kaya da kanki. Akwai kuma wanda abin da kawai ya koya miki shi ne ki ji tsoron kowa sai mai tallar. A ganina wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a auna irin waɗannan saƙonni da shi, kuma da shi zan auna su a nan.

Kafin a kai ga dubawa, sai an rarrabe abin da ake nema, domin abubuwa daban-daban ne ake haɗa su a kira su jabu. Akwai jabu na ainihi, wanda wani ya buga kwali da kwalba da sunan kamfanin da ba nasa ba, ya zuba abin da ya ga dama. Akwai wanda kwalbarsa ta kamfani ce da gaske, an saye ta wurin masu bi gida-gida suna sayen kwalaben da aka gama da su, aka wanke aka sake cikawa. Akwai kayan kamfani na gaske da wa'adinsa ya ƙare, aka goge kwanan watan aka buga sabo. Sannan akwai kwaikwayo mai sunan kansa, wanda shi ba jabu ba ne ko kaɗan. Masu harkar turare sun san cewa Club de Nuit Intense Man na kamfanin Armaf ƙamshinsa ya yi kusa da na Aventus na Creed, ana kuma yawan kwatanta Khamrah na Lattafa da Angels' Share na Kilian. Amma kowannensu da sunansa da kamfaninsa a jikin kwali, bai ce shi ne wancan ba. Mai sayarwar da ta ɗora irin wannan a gefen ja ta ruɗa mutane. Abin da ke faruwa ma shi ne, su waɗannan turarukan masu sauƙin kuɗi da suka karɓu, su ake yi wa jabu yanzu, kuma su ne suka fi cika akwatin lefe.

Kwalba biyu a kan tebur

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ce mai sayarwa tana da turaren Dubai mai mililita 100, wanda ta saro daga dilan da ta amince da shi. Sai wata kwastoma ta kawo mata irinsa da aka sa mata a lefe, tana cewa, "Anti, duba mini wannan, ko awa ɗaya ba ya yi a jikina." Mai sayarwar ta yanke shawarar yin bidiyo. Me ya kamata ta nuna?

Abu na farko ba ya jikin turaren, yana wurin ɗaukar hoton ne. Ta ajiye su biyun wuri ɗaya, a hasken rana, kan farin ƙyalle, ba tare da wata kwalliyar kyamara da ke sauya launi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin bambancin da ake nunawa na launi ne, kuma hasken ƙwan lantarki mai ja-ja kaɗai ya isa ya mayar da ruwan zinare ruwan ƙasa. Idan an ɗauki ɗaya a shago, ɗaya an ciro shi daga wayar wata, kwatancin ya rushe tun kafin a fara.

Daga nan sai ledar da ke naɗe da kwalin. Injin kamfani yana ja ta ta ɗame, ya naɗe kusurwoyinta daidai, ya manne ta da zafi a layi siriri. Ta jabu sau da yawa tana da sako-sako, tana ƙara idan an taɓa, wurin mannewar ya yi faɗi ko a ga alamar gam. Sai kwalin kansa: kaurinsa, da ko rubutun ya fito tas ko gefen haruffan ya baje, da ko rubutun zinaren yana gogewa idan an murza shi da yatsa. A nan ne mai bidiyo za ta matso da kyamara ta tsaya cak na ɗan lokaci, har mai kallo ta karanta. Kuskuren rubutu a jerin sinadarai ko a adireshin kamfani alama ce mai ƙarfi, domin kamfanin da ke buga kwali dubbai yana da masu tantance rubutu. Amma rashin kuskure ba ya wanke kaya. Masu jabu na yanzu hoton kwalin gaske suke ɗauka su buga, ba sa sake rubuta komai.

Abin da ya fi waɗannan duka amfani, kuma shi aka fi tsallakewa, shi ne lambar rukuni. Kamfani ba ya haɗa turare ko mai kwalba-kwalba. Yana haɗa shi ne da yawa a babban tanki, ya ba wannan haɗin lamba, domin idan matsala ta fito a san wane rukuni za a janye daga kasuwa. Ana rubuta ta da Batch No. ko Lot, wani lokaci kuma haruffa da lambobi ne kawai ba tare da wani suna ba. Tana gindin kwali, kuma tana gindin kwalba. Dole su biyun su zama iri ɗaya. Ban da haka, tunda lambar tana sauyawa daga rukuni zuwa rukuni, ba a buga ta tare da zanen kwalin. Daga baya ake buga ta a layin cikawa, da injin feshin tawada mai fitar da ɗigo-ɗigo, ko a danna ta cikin kwalin, ko a zana ta da haske. Don haka idan kika ga lambar rukuni da kwanan wata sun fito sumul da irin tawadar sauran rubutun, kamar an haife su tare, akwai abin tambaya. A misalinmu, mai sayarwar za ta kifa kwalinta da kwalbarta ta karanta lambobin da baki, ta nuna sun dace. Sai ta kifa na kwastoma. A ce kwalin yana da lamba, kwalbar kuwa gindinta fayau, ko sitikar da ke wurin tana ɗauke da wata lamba daban. Wannan hujja ce da kowa zai iya maimaitawa a kowane shago ba tare da ya san turare ba.

Wata dabara kuma da mai sari kaɗai ke iya nunawa: idan ta daɗe tana sayen kaya ɗaya, lambar rukuninsa tana sauyawa daga wannan sari zuwa wancan. Masu jabu kuwa sukan kwafi lamba guda su yi ta bugawa. Idan an ga lamba ɗaya a kwalaben da aka saya wurare daban-daban, shekara da shekaru ba ta sauya ba, to ba daga tanki ɗaya suka fito ba, daga hoto ɗaya suka fito.

Bayan lamba sai kwalbar. Gilashin kamfani yakan fito a daidaice, gindinsa da kauri ɗaya, ba kumfar iska a cikinsa, layin da aka haɗa shi bai yi kaifi ba. Murfi yana shiga ya kama. Bakin feshin yana zaune daram a wuyan kwalbar, kuma a nan ake kama wadda aka sake cikawa, domin sai an ɓanɓare ƙarfen wuyan kafin a zuba wani abu, ba ya komawa yadda inji ya matse shi. Za a ga ƙarfen ya ɗan lanƙwashe, ko yana juyawa, ko akwai danshi a kewayensa. Ɗan bututun da ke cikin ruwan shi ma abin dubawa ne. A na kamfani an yanke shi daidai tsawon kwalbar, a na jabu yakan yi tsawo har ya naɗe a ƙasa.

Mai sayarwar da ke da ƙaramin sikelin kicin tana da hujjar da ba ta buƙatar gardama. Ta ɗora tata cike, ta nuna nauyin, ta ɗora ta kwastoma bayan ta faɗi cewa an riga an fesa kaɗan daga ciki. Mafi yawan ruwan turare sinadarin ispirit ne, wanda bai kai ruwa nauyi ba, don haka mililita 100 ba ya kai giram 100. Sauran nauyin duk na gilashi ne da murfi, kuma a nan mai jabu ke rage kuɗi. Bambancin giram biyu ko uku ba komai ba ne, ana samunsa tsakanin kwalaben kamfani ma. Idan kuwa ya kai giram talatin ko arba'in tsakanin sababbin kwalabe biyu masu suna ɗaya da girma ɗaya, ba ma'aikata ɗaya ta yi su ba.

Ƙamshi shi ne na ƙarshe, kuma shi ne kyamara ba ta iya ɗauka. Abin da mai gaskiya za ta yi shi ne ta fesa kowanne a kan farar takarda, ta rubuta lokaci, ta dawo bayan minti goma, bayan awa biyu, bayan awa shida, ta faɗi abin da hancinta ya ji. Dalilin jiran shi ne turare hawa-hawa ne. Akwai ƙamshin da ke fara tashi ya gushe cikin mintuna, akwai na tsakiya, akwai na ƙasa mai nauyi da ke kama tufafi ya kwana. Mai jabu yana ƙoƙari ne a kan na farkon, domin shi mai saye ke shinshinawa a shago. Na ƙasan shi ne mai tsada, shi yake barin sa. Shi ya sa koken kwastoma kullum ɗaya ne: da aka fesa kamar shi, bayan awa ɗaya babu komai.

Alamomin da ba sa tabbatar da komai

Yanzu kuma ga abubuwan da suka fi yawo a irin waɗannan bidiyoyi, waɗanda kuma suka fi yaudarar mutane.

Na gaba-gaba shi ne bakod, wato zane-zanen baƙi da fari mai lambobi a ƙasa. Sau nawa aka ga mai talla ta haska shi da waya, sunan kayan ya fito, ta ce, "Kun gani ko, ya yi sikanin, orijinal ne." Wannan ba hujja ba ce. Bakod lamba ce mai alƙaluma 13 a mafi yawan kaya, kuma iri ɗaya ce a kan kowace kwalba ta wannan samfurin a duk duniya. An yi ta ne don injin kanti ya san abin da ake saye da farashinsa. Wanda ya iya kwafar sunan kamfani da zanensa, kwafar bakod ba za ta gagare shi ba, kuma na jabun zai yi sikanin lafiya lau. Amfaninta ɗaya ne: idan aka haska ta ta fito da sunan wani kaya daban, an kama mai jabu maras lura.

Akwai kuma masu karanta alƙaluma uku na farko su ce sun gano ƙasar da aka yi kayan. Gaskiya ne ƙungiyar GS1 mai raba waɗannan lambobi ta ba Najeriya 615, ta ba Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa 629, ta ba Sin daga 690 zuwa 699. Amma lambar tana nuna ƙasar da kamfanin ya yi rajistar bakod ɗinsa ne, ba inda ma'aikatar take ba. Kamfani zai iya yin rajista a wata ƙasa ya yi kayansa a wata. Haka nan lambar QR mai kai mutum shafin kamfani: idan kowace kwalba iri ɗaya take ɗauke da ita, to ita ma ana kwafarta. Wadda ke da amfani ita ce wadda aka rufe, sai an kankare, kowace kwalba da tata, kuma idan an shigar da ita sau ɗaya, karo na biyu a ce an riga an yi amfani da ita. Irin tsarin da hukumar NAFDAC ta shigo da shi a kan magunguna a 2010 ke nan, inda ake kankarewa a tura saƙon waya. Wasu kamfanonin kayan shafa sun ɗauki irinsa, amma ba duka ba.

Lambar NAFDAC ita ma tana buƙatar bayani fiye da yadda ake yi mata. Hukumar, wadda aka kafa a 1993, ita doka ta ba ikon yi wa kayan kwalliya rajista a Najeriya, na gida da na waje, kuma kowane kaya da lambarsa, ana rubuta ta bayan NAFDAC Reg. No. Ganinta a jikin kwali abu ne mai kyau, amma tawada ce, ita ma ana bugawa. A ɗaya ɓangaren kuma, man da wata ta sayo a kanti a Landan ko Jidda ta zo da shi a akwati zai iya zama na kamfani tsantsa ba tare da lambar ba, tunda ba don kasuwar Najeriya aka yi shi ba. Mai sayarwar da ta san aikinta za ta faɗi wane iri ne nata: wanda wakilin kamfani ya shigo da shi aka yi masa rajista, ko wanda aka sayo daga waje kai tsaye. Na biyun hukuma ba ta tantance shi ba, kuma kwastoma tana da haƙƙin ta sani.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi jawo faɗa tsakanin masu sayarwa, wato a kira na gaske jabu. Manyan kamfanoni suna yin kaya ɗaya a ma'aikatu da yawa, kowace kasuwa da kwalinta. Man CeraVe misali ne mai sauƙi. Wanda aka yi don Amurka ana rubuta masa Moisturizing da harafin z, wanda aka yi don Birtaniya kuma Moisturising da s. Harafi ɗaya ne, kuma dukansu na kamfani ne. Vaseline da Nivea su ma ana yin su a ƙasashe da dama, ba lallai kwalin wannan ƙasa ya yi daidai da na waccan ba. Ga kuma sauyin zane da kamfanoni ke yi lokaci-lokaci, tsohon da sabon su haɗu a kasuwa na tsawon watanni. Launin ruwa ma yana ruɗi: turaren da ke da sinadarin banila yakan ƙara duhu idan ya jima, don haka kwalbar bara za ta iya fin ta bana ja alhali duk gangariya ne. Mai kuma da ya sha zafin watan Afrilu a cikin kwantena ko a shagon kwano zai iya tsinkewa, ruwa ya hau sama. Ya lalace, bai kamata a sayar da shi ba, amma lalacewa daban, jabu daban.

Saboda haka bidiyon kirki yana ɗauke da kwanan watan da aka yi shi, yana faɗin na wace ƙasa ake kwatantawa, kuma ba ya yanke hukunci da alama ɗaya. Akwai wani dalili kuma da ya sa kwanan wata ke da muhimmanci: masu jabu ma suna kallo. Alamar da aka tona a bana, a sarin baɗi an gyara ta.

Farashi kuwa, rabin hujja ne. A ce dila yana ba da turare naira dubu ashirin a sari, sai ga wata tana sayar da shi dubu tara ɗai-ɗai, har da kai wa gida. Ba sai an buɗe kwali ba, araha ba ta ado. Amma masu jabu sun gane wannan, da yawansu yanzu suna sa farashin da ya yi kusa da na gaske, su rage dubu ɗaya ko biyu. Tsada ba ta wanke kaya. Haka kuma kalmomin nan na kasuwa, "fes kwafi", "giredi wan", "na kamfani ne amma ba kwali", duk sunayen jabu ne da aka yi wa kwalliya. Gara ma wadda ta faɗa miki kwafi ne, ta bar ki da zaɓinki.

Inda abin ya wuce asarar kuɗi

Turaren jabu galibi kuɗi yake ci, ko ya jawo ƙaiƙayi da ciwon kai. Abin shafawa a fata da ido da leɓe kuwa lamarinsa ya fi haka. A 2018 'yan sandan birnin Los Angeles na Amurka sun kama kayan kwalliyar jabu na kimanin dala 700,000 a wata kasuwar birnin, gwaji ya nuna ƙwayoyin cuta masu yawa a ciki har da alamun kashin dabbobi. Ba da gangan ake zubawa ba, wurin haɗawar ne babu tsafta, babu mai dubawa.

A wajenmu babban haɗarin yana wurin mayukan ƙara haske, kuma a nan tambayar "orijinal ne ko kwafi" ba ta isa ba. Mai zai iya zama na kamfaninsa ɗari bisa ɗari, ya kuma cutar. Akwai masu ɗauke da zaiba, wadda ke taruwa a jiki ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, kuma a jerin sinadarai takan ɓuya da suna calomel ko mercurous chloride, idan ma an rubuta ta. Akwai masu clobetasol, wanda magani ne mai ƙarfi da likita ke rubutawa na ɗan lokaci don ciwon fata. Idan aka mayar da shi man kullum, fata tana yin siriri, jijiyoyi su fito kore, nankarwa ta tsattsage, ƙuraje su feso. Akwai hydroquinone, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a mayukan shafawa tun 2001, kuma yawan amfani da shi yana barin baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu. A 2023 NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin babbar barazana ga lafiyar al'umma. Don haka bidiyon da ke koya wa mata yadda za su gane "orijinal" na irin wannan mai, ba tare da ya faɗi abin da ke cikinsa ba, ya koyar da yadda za a sayi cuta mai inganci ne kawai.

Su kuma mayukan haɗi, waɗanda ake zubawa a farar roba a manna musu sitika, ba su da asalin da za a kwatanta su da shi. Babu lambar rukuni, babu jerin sinadarai, babu ranar lalacewa. Idan mai haɗin ta ce ana yi mata jabu, tambayar da za a yi mata ita ce me ke cikin nata.

A kan mai da hoda da makamantansu, akwai abubuwa biyu da ya kamata a ƙara nunawa. Ɗaya shi ne kwanan wata: MFD ranar da aka yi, EXP ranar da zai ƙare. A shafa wurin da yatsa, a karkata shi a haske. Idan wurin ya fi sauran jikin robar dusashewa ko ƙyalli, ko an manna ƙaramar sitika a kai, an taɓa shi. Na biyu shi ne ɗan zanen gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da aka rubuta wa 6M ko 12M, ma'ana watannin da kayan zai yi bayan an buɗe shi. Gwajin da ake cewa a shafa kaɗan a cikin dantse ko bayan kunne a jira kwana biyu yana da kyau, yana nuna ko fata za ta yi bore. Amma ba ya gano zaiba ko clobetasol, domin su ba sa ƙaiƙayi a farko, sai ma fata ta yi kyau na 'yan makonni. Mai sayarwa ta gaskiya za ta faɗi wannan iyaka. Abin da ke cikin roba, ɗakin gwaji ne kaɗai ke tabbatar da shi.

Tunda kwali ana kwafarsa, abin da ya rage wanda ba a kwafa da sauƙi shi ne hanyar da kaya ya biyo. Mai sayarwar da ke iya cewa daga wakilin kamfani ta saro, ta nuna katan da rasit ko da ta rufe farashin, ta kuma yi alkawarin karɓar kaya ta mayar da kuɗi idan aka samu matsala, ta ba da abin da ya fi kowane bidiyo. Ita ma kuwa sai ta yarda cewa ana iya cutarta. Akwai 'yan sarin da ke cakuɗa katan, na sama gangariya, na ƙasa jabu, don haka ba kwalba ɗaya za ta buɗe ta ce ta tantance ba. Kuma kada ta ambaci sunan wata mai sana'a ko ta nuna shagonta a bidiyon. Idan tana da hujja, ofishin NAFDAC na jiharta yana nan, ga kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Ke kuma mai saye ta waya, ki sani cewa bidiyon da kika gani zai iya zama na wata ne aka ɗauko, ko kuwa na gaske aka nuna, na jabu za a aiko. Maganin wannan mai sauƙi ne. Kafin ki tura kuɗi ki ce, "Anti, don Allah ɗaukar mini gindin kwalin da za ki aiko mini, in ga lambar." Ki ajiye hoton. Idan ɗan aike ya iso, ki duba lambar kwalin da ta hoton tun yana tsaye, ki buɗe ki duba ta kwalbar. Mai gaskiya ba za ta ji haushin wannan ba, minti ɗaya ne zai ɗauke ta. 'Yan uwan ango masu haɗa lefe su ma su yi haka, domin su ne ke sayen kaya da yawa a rana ɗaya cikin gaggawa, kuma amarya ba ta iya mayarwa.

Roƙona na ƙarshe ya shafi kwalbar da ta ƙare. Idan turarenki ko manki ya ƙare, ki yaga kwalin, ki huda robar, ki cire bakin feshin kafin ki zubar, kada ki sayar wa masu sayen kwalabe da murfinta da kwalinta. Wadda aka sake cikawa ita ce jabun da ya fi wuyar ganewa, kuma daga gidajenmu ake samun kwalbarta.